Tambaya da Amsa: Muryata ta dushe, an ce a cire mini beli

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malama ce, da safe ina koyarwa a firamare, da yamma a Islamiyya. Yau wata biyu muryata a dushe. Nakan tashi da safe da dama-dama, amma kafin la'asar sai ta shaƙe, numfashina kuma ya riƙa ƙarewa ban kai ƙarshen magana ba. Surukata ta ce beli ne ya yi tsawo, har ta yi wa wanzami magana ya zo ranar Asabar. Wallahi tsoro nake ji. In bari a cire?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki bari aska ta shiga bakinki ranar Asabar, ko wata rana bayanta. Bari in nuna miki inda murya take fitowa, don ki samu abin da za ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi.

Ɗora yatsu a gaban wuyanki, daidai inda zakaran wuya yake fitowa wa maza. Ki ja "sss", sannan ki ja "zzz". A na biyun za ki ji wurin yana karkarwa. Wannan ita ce zizar da aka koya miki a darasin tsarin sauti, kuma tantanin maƙwallato ne ke yin ta: 'yan leɓɓa biyu na tsoka da laushin fata a kansu, kwance a bakin bututun iska. Na mace tsawonsu bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, ko sama da haka kaɗan. Idan kina numfashi kawai, a buɗe suke. Idan za ki yi magana sai tsokoki su haɗa su, iskar huhu ta taru a ƙarƙashinsu har ta ture su daga ƙasa zuwa sama, ɗan kaɗan ya wuce, su kuma su koma su rufe saboda tsamurinsu da kuma faɗuwar matsin iska a tsakaninsu. Tsoka ba ta buɗe su tana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Nata kawai ta riƙe su kusa da juna, iska ce ke kaɗa su. A muryar mace hakan na faruwa kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya, a ta namiji kusan 110, domin nasa sun fi tsawo da kauri. Abin da ke fitowa daga nan ɗanyen guna-guni ne, sai maƙoshi da harshe da leɓɓan baki su mayar da shi baƙi da wasali.

Yi lissafi da kanki. Awa ɗaya ta ziza zalla a muryarki, leɓɓan nan sun haɗu sau 720,000. Idan kina ɗaga murya don yaran bayan aji su ji, haɗuwar takan zama karo. Wurin da ya fi shan bugu sai ya kumbura, kwana a tashi ya yi kanta irin ta hannun manomi, ɗaya a kowane gefe. Kantar ta hana su rufewa ruf, iska ta riƙa zurarewa ta gefenta. Shi ya sa murya ke fita da huci, kuma shi ya sa iska ke saurin ƙarewa. Sauƙin da ake samu da safe, kumburin ne ya ɗan saɓe cikin dare. Wannan shi ne abin da na fi zato, amma sai an leƙa za a tabbatar.

Numfashin magana kuma daban yake da na zama. A zaune, shaƙa da fitarwa kusan tsawonsu ɗaya, kimanin rabin lita kowane zuwa. Da kin fara magana sai shaƙar ta zama ta farat ɗaya, galibi ta baki, fitarwar kuma ta miƙe har ta cinye kusan kashi tara cikin goma na lokacin. A farkon jimla huhu a cike yake, yana son ya saki iskar gaba ɗaya, sai tsokokin haƙarƙari su riƙe shi kamar mai saukar da guga a hankali. Can gaba, da iskar ta ragu, tsokokin ciki su karɓa su riƙa turowa. Matsala tana zuwa ne idan mutum ya ci gaba da magana bayan iskar ta kusa ƙarewa, kamar mai biya wa yara doguwar aya ba ta so ta yanke. A nan wuya ne ke matsewa ya tatso sauran sautin, jijiyoyinsa su miƙe, leɓɓan su ƙara gugar juna. Gwada wannan: cika ƙirji, ki ja "aaa" da murya madaidaiciya, wani ya duba agogo. Babba mai lafiya yakan kai daƙiƙa 15 zuwa 20. Idan ba ki kai 10 ba, iska na zurarewa.

To ina beli a duk wannan bayani? Ba ya ciki. Beli yana can sama, rataye a ƙarshen hanɗa, inda kowa zai gan shi idan kin wangame baki. Tantanin maƙwallato yana ƙasa, bayan tushen harshe, a lungun da ido ba ya kaiwa sai da madubi ko siririyar kyamara. Wanzami bai taɓa ganinsa ba, kakansa da ya gadar masa da zabira ma bai gani ba. Abin da ake gani shi ake ɗora wa laifi: tari beli, amai beli, rama beli, yaro ya ƙi nono beli, yanzu har dushewar murya. Na gaji da karɓar mutanen da aka kawo cikin dare jini na zuba ta baki ya ƙi tsayawa. Jinin kuma yana iya gangarawa cikin huhu. Na ga waɗanda wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa har haɗiyar yawu ta gagara. Askar da ta fito daga bakin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, mai datti kuma ciwon sarƙewar haƙora. Idan hannu ya zarce ya ci hanɗa, ƙofar da ke raba baki da hanci ta daina rufewa, magana ta koma ta hanci, kunu ya riƙa fitowa ta hanci. Malamar da ke cin abinci da muryarta ce za a yi wa wannan?

Za a ce miki wance an cire mata ta warke. Ta yi sati biyu ba ta iya magana saboda raɗaɗi, leɓɓan suka huta. Hutun nan za ki iya samunsa ba tare da ɗigon jini ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne watannin da ake ɓatawa. Dattijo mai shan taba muryarsa ta dushe, a cire beli, a jira, a sha jiƙo, a jira, sai ya zo mana numfashi na ƙugi, ciwon dajin da ake iya warkarwa tun yana ƙarami ya toshe hanya. Tarin fuka ma yakan sauka a maƙogwaro. Duk dushewar da ta wuce sati uku zuwa huɗu sai an leƙa, ke kuma kin ninka haka.

Cikin wannan satin ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti mafi kusa, ki nemi a duba miki maƙogwaro da kyamara. 'Yan mintuna ne, a zaune, ido biyu. Kanta sabuwa galibi takan baje ba tiyata idan aka gyara yadda ake magana. Kafin nan ki yanke jimla ki shaƙa tun iska ba ta ƙare ba, ki sa babban ɗalibi ya riƙa ɗaga biyawa, ki yawaita shan ruwa musamman da hunturu. Ki bar gyaran murya da kakari, ki bar raɗa, don ita ma matse wuya take yi. Idan kika ga jini a majina, ko haɗiya ta yi wuya, ko numfashi ya fara ƙara, kada ki jira gari ya waye. Ranar zuwa asibitin ki roƙi Hajiya ta raka ki, a nuna mata leɓɓan a allo ta ga nisansu da beli.