Na karanta shafin kaf, amma ban san ko na yarda da shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. An turo mini mahaɗar wani shafi mai sunan wata cibiyar bincike da ban taɓa ji ba. Na karanta sashen "About Us", na ga adireshinsa yana ƙarewa da .org, babu kuskuren rubutu, ga alƙaluma da sunayen masana. Na yi kusan rabin awa a kai, amma zuciyata ba ta natsu ba. Me ya rage in duba a cikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Babu abin da ya rage a ciki, abin da kike nema yana waje. Duk abin da kika lissafo, mai shafin ne ya tsara shi da hannunsa: shi ya rubuta tarihin kansa, shi ya zaɓi alƙaluman da za ki gani, shi ya ɓoye waɗanda ba ya so. Ita kuwa .org da mutane ke ganin girmanta, kowa na iya yin rajistarta, ba a tambayar kowa shaidar cewa ƙungiyar jin ƙai ce. Shafi na iya yin kyan ɗan maciji, kuma ƙura masa ido ba zai tona hakan ba.

Abin da ƙwararrun masu tantance labarai ke yi shi ne su bar shafin tun kafin su yi nisa, su buɗe sabon tab a burauza, su nemi abin da wasu suka faɗa a kansa. Ana kiran wannan karatun gefe-da-gefe, saboda tab-tab ɗin da ke jeruwa a saman allo, saɓanin karanta shafi ɗaya daga sama har ƙasa. In kina son ƙarin bayani, ki rubuta `lateral reading` a injin bincike.

Sunan ya yaɗu ne daga wani nazari da Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford suka fitar a 2017. Sun zaunar da malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, da masu tantance labarai 10, da ɗaliban jami'ar 25, suka riƙa naɗar abin da kowa ke yi a allonsa. Ɗaya daga cikin shafukan da suka ba su shi ne minimumwage.com, mai magana a kan mafi ƙarancin albashi a Amurka. Bari mu bi sawun wannan shafi, domin ya yi kama da naki.

Shafin bai ɓoye cewa yana ƙarƙashin Employment Policies Institute ba. Wanda ya je shafin ita cibiyar zai ga ta ce ita ƙungiyar bincike ce da ba ta neman riba, ga rahotanni, ga sunayen malaman jami'a. Nan ne mai karatu daga sama zuwa ƙasa yake tsayawa, ya ce ai ya gama bincike. Mai tantancewa kuwa ɗaukar sunan yake yi ya fita da shi:

```
"Employment Policies Institute" -site:epionline.org
```

Alamun zance suna sa injin ya nemo sunan yadda yake, kalma bayan kalma. Sashe na biyu kuma yana cire shafin cibiyar daga sakamakon, don kada ta sake cika miki allo da yabon kanta. Waɗanda suka fita neman sunan sun ci karo da rahoton jaridar New York Times na 2014, wanda ya nuna cewa cibiyar ba ta da ma'aikatanta na kanta, ofishi ɗaya take da Berman and Company, kamfanin hulɗa da jama'a da Richard Berman ya kafa, wanda ke yi wa masu gidajen abinci da otal-otal aiki. Wato masu biyan albashin ne ke bayan shafin da ke cewa ƙarin albashi illa ne. Masu tantancewar duka goma sun gano wannan cikin 'yan mintuna. A malaman tarihi shida ne suka kai, bayan sun ɗauki lokaci mai tsawo, a ɗalibai kuwa kashi 40 cikin 100. Wannan sakamako yana taɓa ni ƙwarai, domin malaman nan ba iya karatu suka rasa ba. Iyawar ce ta riƙe su a cikin shafin, suna auna jimla da jimla, ba su fara tambayar wa ke magana ba.

Ki lura da wani tarko a cikin wannan misali. Akwai wata cibiya daban mai suna Economic Policy Institute, wadda ke kusa da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma matsayinta kan albashi kishiyar na farkon ne. Dukansu ana taƙaita su da EPI. In kika rubuta taƙaitaccen suna, ko kika bar injin ya gyara miki, sai ki karanta shaidar wani ki jingina wa wani. Don haka ki kwafo cikakken sunan daga shafin, kada ki rubuta shi da ka.

Idan sakamako ya fito, ki ɗan riƙe hannunki. Na farko a jeri ba lallai ne ya fi gaskiya ba, sau da yawa talla ne, ko shafin da aka ƙware wajen tura shi sama. Ki bi jerin da ido, ki karanta adireshi da 'yan layukan da ke ƙarƙashin kowane, ki zaɓi biyu ko uku daga kafofin da kika riga kika sani. Wikipedia wurin farawa ne mai kyau, muddin kin gangara ƙasa kin buɗe majiyoyin da ta dogara da su. Tambayoyinki ba su da yawa: wa ya kafa, wa ke ba da kuɗi, kuma masana fannin yaya suke ɗaukarsa?

Inda aka fi zamewa shi ne ƙirga baki. Za ki ga shafuka goma suna yabon cibiya, ki ce ai shaidu sun yi yawa, alhali sanarwa ɗaya ce da cibiyar ta rubuta, suka kwafa. Gane wannan ba wuya. Ɗauki jimla ɗaya daga yabon, ki sa ta cikin alamun zance ki nema. In ta fito iri ɗaya sak a ko'ina, har da shafin cibiyar, to bakinsu ɗaya, shaida guda kika samu, kuma ta mai kaya ce.

Wani lokaci kuma za ki nema ki ga shiru. Ga ƙaramar ƙungiya sabuwa, shirun ba laifi ba ne. Amma cibiyar da ke cewa ta shekara ashirin tana jagorantar bincike, a ce babu jarida ko jami'a ɗaya da ta taɓa ambatonta, wannan shirun magana ne. Ki sa adireshin a Wayback Machine na Internet Archive ki ga yaushe aka fara adana shi, da abin da yake ɗauke da shi a da.

Hanyar tana da iyaka, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau. Tana gaya miki wanda ke magana da abin da zai samu in kin yarda, ba ta yanke hukuncin cewa kowace jimlarsa ƙarya ce. Alƙaluman da ke minimumwage.com na iya zama daidai, a ce zaɓo su aka yi aka bar na ɗaya ɓangaren. Saboda haka bayan kin gano mai shafinki, ki ɗauki iƙirarin da ya sa aka turo miki mahaɗar, ki cire sunan cibiyar, ki neme shi shi kaɗai. In rahoto aka ambata, ki je ga ainihin rahoton ki duba ko ya faɗi abin da aka ce ya faɗa.