Nura, ba kuskure aka yi a sunanka ba

"Baffa, ina wuni. Tun da na iso Masar ake ta yi mini dariyar suna. Takardar farko da makaranta ta aiko mini ma da kalmar mace aka kira ni, har aka sa ni a jerin ɗakin kwanan 'yan mata. Sun ce Nura sunan mace ne, su kuma Larabawa ne, harshensu ne. Shin kuskure aka yi ranar sunana? In canja ne?"

Lafiya lau, ɗana. Saƙonka ya same ni bayan sallar isha'i, na karanta wa goggonka, ta ce in gaya maka tana nan ranar da aka raɗa maka suna a zauren gidanmu na Ƙofar Doka, kuma ita ta raba goro a cikin gida. Ni ma ina nan. Abin da liman ya faɗa bayan an yi fatiha shi ne Muhammadu Nuraddini. Nura gutsure ne da bakin mutanen gida ya yi, kamar yadda Shamsuddini yake komawa Shamsu, Saifullahi ya koma Saifu. Asalinsa Nur ad-Din, hasken addini. Da aka zo taƙaitawa sai aka yanke bayan wasalin da ya haɗa kalmomin biyu, shi ya sa muke da Nura, wasu gidajen kuma Nuru. Bahaushe ba ya son barin kalma ta ƙare da baƙi tsirara, dole ya rufa mata wasali.

Su ma abokanka ba ƙarya suka yi ba. Balarabe yana ɗaukar kalmar nur, ya liƙa mata harafin nan na tamata da muka koya a makarantar zaure, ta'un da ake ɗaurewa a ƙarshen kalma, sai ta zama Nura, ya sa wa 'yarsa. A Riyad akwai babbar jami'ar mata da ake kira da sunan Gimbiya Nura bint Abdurrahman, 'yar'uwar Sarki Abdul'aziz. To ka ga, "a" ɗin da ke ƙarshen sunan gimbiyar alamar mace ce, wanda ke ƙarshen naka kuwa ragowar "ad-Din" ne. Hanya biyu ce daban ta kawo su wuri ɗaya, kunne kuma ba ya tambayar hanyar da sauti ya biyo. Da Turai ka je ma haka za ka tarar, domin suna da Nora, sunan mata.

Abin da nake so ka gane shi ne kunnen kowane mutum yana da malamai biyu. Na farko nahawun harshensa, na biyu mutanen da ya taso ya gani suna amsa sunan. Idan suka yi saɓani, na biyun ne yake rinjaye.

Duba namu harshen. A Hausa kusan duk kalmar da take tamata da "a" take ƙarewa: riga, hula, rana, gona, kasuwa. Muna cewa Habibu da Habiba, Jamilu da Jamila, Aminu da Amina, Hassan da Hassana. Wanda ya tsaya nan zai ce an gama magana, "u" na maza, "a" na mata. Amma ka ƙirga mazan zaurenmu: Musa, Isa, Yahaya, Garba, Bala, Hamza, Mustafa. Ka shiga cikin gida ka ƙirga: Zainabu, Asma'u, Hauwa'u, Bilkisu, Talatu, Delu. Ba wanda ya taɓa jin an ce Garba ya zaci mace za ta fito, saboda tun muna rarrafe Garban da muka sani mai gemu ne. Kalmar "suna" kanta da "a" ta ƙare, amma cewa muke sunan nan ya yi daɗi, ba ta yi daɗi ba. Haka gida, ruwa da nama.

Larabcin da abokanka suke tinƙaho da shi ma cike yake da irin wannan. Hamza baffan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wancan ta'un na mata ake rubuta sunansa. Haka Usama ɗan Zaidu, haka Ɗalha, haka Huzaifa da Mu'awiya. Malaman nahawu sun san da su, suka ce tamata ne a lafazi, namiji a ma'ana. Zainab, Maryam da Hindu kuwa ba su da wata alama a jiki, amma mata ne. Ka tuna musu wannan cikin ladabi, za su gane, karatunsu ne na aji na farko.

Akwai wani abu a nan da ya daɗe yana burge ni. Wancan ta'un, idan Balarabe ya tsaya a kansa "a" yake furtawa, idan ya zarce da karatu sai ya fito da "tu". Kakanninmu ba a kasuwar Makka suka fara jin waɗannan sunaye ba, a littafi suka same su, ana biya musu da cikakken wasali. Shi ya sa muke da A'ishatu, Hadizatu, Faɗimatu, Sa'adatu. Har kunnenmu ya saba cewa "tu" ƙarshen sunan mace ne. Sai ga Usamatu, wanda ya biyo ta ƙofa ɗaya da A'ishatu, ga shi namiji. Rabi kuma a wurinmu mace ce, gutsuren Rabi'atu. Ka faɗi Rabi a Alƙahira, abin da zai faɗo musu a rai shi ne Rabi', sunan namiji, wanda mu muka mayar Rabi'u. Da ƙanwarka Rabi ce ta je can, kishiyar abin da ya same ka ne zai same ta.

Ba sai an haye teku ba. Nana a Hausa mace ce, kuma sunan girma, wa bai san Nana Asma'u 'yar Shehu ba, wadda ta rasu a 1864. Ka gangara Gana, wurin Ashanti da 'yan'uwansu, Nana laƙabin sarauta da girmamawa ne da maza da mata suke ɗauka. Mutumin da ya hau mulkin ƙasar a 2017 sunansa Nana Akufo-Addo. Na ji da kunnena a wata majalisa a Tudun Wada wani dattijo yana cewa ashe mutanen Gana mace suka zaɓa. Ba jahilci ba ne, kunnensa ne ya yi masa aiki da abin da ya sani.

Yarabawa kuma nasu tsarin ya bambanta tun daga tushe. Harshensu ba ya raba "ya zo" da "ta zo", kalma ɗaya ce ga kowa. Sunayensu yawanci jimloli ne da aka dunƙule, suna ba da labarin gidan ko godiya ga Ubangiji, don haka da yawa ba ruwansu da jinsin jaririn. Bola suna ne na maza da mata. Bola Ige namiji ne, Bola Tinubu namiji ne, amma a Sabon Gari za ka samu matan da ake kira Bola. Haka Uche da Chika wajen Ibo. Lokacin da nake koyarwa, in aka miƙo mini jerin sunayen sababbin ɗalibai daga kudu, ba na yarda in ce "shi" ko "ita" sai mai sunan ya miƙe tsaye. Mu ma muna da kaɗan irin wannan a laƙabi. Gambo, wanda aka haifa bayan tagwaye, da Auta, duk suna hawa kan namiji da mace, domin matsayin haihuwa suke faɗa. A sunayen rana da na lokacin haihuwa kuwa sai muka sa "ɗan" ya raba gardama: Ladi da Ɗanladi, Lami da Ɗanlami, Asabe da Ɗan'asabe, Azumi da Ɗan'azumi.

Misalin da ya fi kama da naka a Turai shi ne Andrea. Tushensa kalmar Girkanci ce mai nufin namiji. A Italiya sunan maza ne har gobe, kun san ɗan ƙwallon nan Andrea Pirlo. Jamusawa da Ingilishi kuwa suka dubi "a" ɗin ƙarshe, wanda a kunnensu na mata ne, suka riƙa sa wa 'ya'yansu mata. Sunan da ma'anarsa ita ce mazantaka ya zama na mata saboda wasali guda. Nikita ma haka: a Rasha na maza ne, shugaban Tarayyar Sobiyat da aka sauke a 1964 sunansa Nikita Khrushchev, amma a Indiya 'yan mata ne suke amsa shi, kuma daga wani tushe nasu na daban.

Ko a tarihin garinmu akwai wannan. Ana cewa Zariya ta samo sunanta daga Zariya ƙanwar Sarauniya Amina, 'ya'yan Bakwa Turunku. To shi Bakwa ɗin, ko ita, masana tarihi sun rabu, wasu sun ce sarki ne, wasu sun ce sarauniya ce. Sunan ya daina yawo a bakin mutane, babu wani Bakwa a unguwa da za a duba a gwada, sai jinsin ya ɓace mana. Wannan yana nuna maka cewa mutanen da ke ɗauke da suna su ne suke riƙe masa jinsinsa.

Batun canji kuwa, ban yarda ba, kuma ba don son zuciya ba. A addini sunan da ake canjawa shi ne mai mummunar ma'ana ko mai saɓa wa tauhidi, naka kuwa haske ne. A aikace kuma canjin zai jawo maka wahalar da ta fi dariyar nan nauyi. Takardar haihuwarka, sakamakon jarrabawarka, katin ɗan ƙasa da fasfo duk Nura suke ɗauke da shi. Ranar da ɗaya ta bambanta da sauran, sai ka yi rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, kuma duk ofishin da ka shiga sai ka sake bayani. Na ga wanda shaidar digirinsa ta maƙale fiye da shekara saboda harafi biyu.

Ga abin da za ka yi. Ka ɗauki fasfonka ka je ofishin rajista, ka nuna musu gurbin jinsi inda aka buga M, su gyara a na'urarsu, domin daga can ne sauran takardu suke kwafowa. In ba a gyara tushen ba, kuskuren zai biyo ka har kan shaidar kammalawa. Ka kuma duba yadda suka rubuta sunan da haruffan Larabci. Idan sun ɗaura masa ta'un nan a ƙarshe, to nan cutar take, ka nemi su rubuta shi daidai da yadda yake a takardar izinin zamanka, kuma duk takardun su tafi bai ɗaya. A baki kuwa, in za ka gabatar da kanka ka ce Nuruddin. Ba sabon suna ka ƙirƙira ba, cikakkensa ne, kuma duk Bamisire ya san shi na maza ne. Za ka ji sun koma kiranka Nur, wanda su ma suke sa wa maza da mata.

Ka rubuto mini yadda kuka ƙare da mutanen rajistar. Goggonka tana gaishe ka, ta ce yajin da ta ba ka kada ka bar shi a buɗe. Matar yayanka Sani ta kusa sauka, kuma ya riga ya gaya mini in namiji ne takwaranka zai yi.