Alƙaluma a maƙalar neman tallafin karatu: wanne za ki rubuta, wanne za ki bari?

Tambaya: Ina neman tallafin karatun digiri na biyu, an ce in yi bayanin wani aiki da na jagoranta da tasirinsa. Mu uku ne muka koyar da lissafi kyauta ga ɗalibai mata na ajin ƙarshe a wata sakandare, darasi 24. Ɗalibai 60 suka yi rajista, 39 suka kai ƙarshe, 31 daga cikinsu suka zauna jarrabawa, 22 suka ci. Bara kashi 40 cikin ɗari ne suka ci lissafi a makarantar. Ƙawata ta ce in rubuta cewa kusan mutum 1,000 suka amfana, domin jimillar sa hannu a takardar halarta 960 ce. Wane adadi ya kamata in sa?

Amsa: Malama, adadin ƙawarki ki ajiye shi tun yanzu. 960 yawan zama ne, ba yawan mutane ba. Yarinyar da ta halarci darasi 20 ta sa hannu sau 20, amma mutum ɗaya ce. Masu tantance takardu sun san wannan dabarar sarai, kuma abin da suke yi shi ne su raba adadin da ƙarfin ma'aikata: malamai uku, darasi 24, ina za a zuba mutum dubu? Da zarar lissafin ya ƙi fita, shakkun ba ya tsayawa a kan wannan jimla kaɗai, har sauran maƙalar yake shafa. Haka nan masu ninka adadin ɗalibai da yawan mutanen gidansu su ce duk sun amfana. Ba ki koyar da iyayen yarinyar ba, ba ki auna komai a kansu ba, don haka ba su da gurbi a lissafinki.

Abin da ke hannunki ya fi dubun nan ƙarfi, sai dai yana buƙatar a jera shi yadda ya kamata. Alƙaluman da kika kawo iri biyu ne. Akwai na aikin da kuka yi: darasi 24, rajista 60, malamai uku. Akwai kuma na abin da ya canza a dalilin aikin: 39 sun jure har ƙarshe, 22 sun ci jarrabawa. Na farko yana nuna kun yi wahala, na biyu yana nuna wahalar ta haifar da wani abu. Yawancin masu nema a na farkon suke cika shafi, domin shi ne mai sauƙin ƙirgawa kuma shi ne mai girma a ido. Kwamiti kuwa na biyun yake nema. Ki ba na farko jimla ɗaya, sauran wurin ki bar wa na biyu.

Yanzu ga inda aikin yake, wato 22 ɗin nan daga cikin nawa. Idan kika auna su da 31 da suka zauna jarrabawa, kin sami kusan kashi 71 cikin ɗari. Idan da 39 da suka kammala darasi ne, ya sauko kusan kashi 56. Idan kuma da 60 da suka yi rajista ne, kusan kashi 37 ke nan, ƙasa ma da kashi 40 na bara. Duka ukun lissafi ne na gaskiya, kuma daga aiki ɗaya suka fito. A nan ne mutum kan yi ƙari ba tare da ya faɗi ƙarya ko ɗaya ba: ya ɗauki 71 ya rubuta "kashi 71 na ɗalibanmu sun ci", ya yi shiru a kan cewa kalmar "ɗalibanmu" ta ragu daga 60 zuwa 31 a hanya. Kashi 37 ma ba cikakken adalci ba ne a gare ki, domin wataƙila wasu daga cikin 21 da suka daina zuwa sun zauna jarrabawar sun ci, ke dai ba ki da sakamakonsu. Mafita ita ce ki daina zaɓen ɗaya. Ki nuna matakan gaba ɗaya, 60, 39, 31, 22, mai karatu ya ga yadda adadin ya sauko da idonsa. Bai ci kalmomi da yawa ba, kuma ya rufe ƙofar tambaya mafi haɗari a lokacin ganawa.

A ganina ma, idan mutanen da ake magana a kansu ba su kai ɗari ba, gara a faɗi adadinsu kai tsaye. "22 cikin 31" ya fi "kashi 71 cikin ɗari" gaskiya, saboda yana bayyana girman rukunin. A rukuni mai mutum 31, yarinya ɗaya tana ɗauke da fiye da kashi 3, wato da uku sun faɗi maimakon su ci, da kashin ya sauko kusan 61. Rubuta 70.97 kuwa ado ne kawai, yana nuna daidaiton da lissafin bai mallaka ba. Idan za ki dunƙule adadin da ba ki da cikakken tabbaci a kansa, ki dunƙule shi zuwa ƙasa, kuma kada ki sa "sama da" a gaban adadin da ba ki wuce ba.

Kwatanci da bara shi ne wuri na biyu da ƙafa ke zamewa. Daga kashi 40 zuwa kashi 71 tazarar maki 31 ce. Wani zai raba 31 da 40 ya rubuta cewa cin jarrabawa ya ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari. Lissafin daidai ne, amma mai karatu zai iya ɗauka kashi 78 ne suka ci, don haka ki faɗi adadin farko da na ƙarshe kawai. Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Kashi 40 na bara na dukan ajin makarantar ne, mai himma da marar himma. Naki 31 kuwa yaran da suka kawo kansu ne, suka jure darasi 24, suka kuma zauna jarrabawa. Irin waɗannan ko babu ke, da alama za su fi matsakaicin aji. Ga shi kuma takardar jarrabawar bana ba ita ce ta bara ba, malamin aji ma wataƙila ya canza. Saboda haka ba za ki iya cewa darussanku ne suka ɗaga sakamakon da maki 31 ba. Abin da za ki iya cewa shi ne ga sakamakon ɗalibanku, ga na makaranta, a gefe da gefe.

Idan kina da lokaci kafin rufe karɓar takardu, ki koma makarantar ki nemi abu biyu. Na farko, sakamakon 'yan ajinsu na bana da ba su halarci darussanku ba, domin jarrabawa ɗaya suka rubuta, kwatancin ya fi na bara adalci. Na biyu, makin lissafi na yaranki a zangon da ya gabaci fara darasi. Idan ya bayyana cewa da yawa cikin 22 ɗin suna faɗuwa a da, kin sami hujjar da ta fi kowace ƙarfi, domin yaran nan ne da kansu, kafin da bayan. Idan ya bayyana dama can masu ci ne, gara ki sani yanzu, ki karkata labarin zuwa abin da kika tabbatar, kamar riƙe 39 har ƙarshe.

Sai maganar "ni" da "mu". Ku uku kuka yi aikin, don haka sakamakon na "mu" ne. Amma tallafin ke za a ba, ba ƙungiya ba, kuma shirye-shirye irin su Chevening na Birtaniya suna da tambaya ta musamman a kan jagoranci. Dole ki ware abin da hannunki ya yi: ke kika nemo izinin shugabar makaranta, ko kika tsara jadawali, ko kika canza lokacin darasi da kika ga ana raguwa. Ki sa "na" a kan shawarar da kika yanke, ki sa "mun" a kan sakamakon.

Idan aka haɗa duka, sakin layin zai iya zama kamar haka, da sharaɗin ki cire duk abin da bai faru ba: "Na tsara darussan lissafi kyauta ga ɗalibai mata na ajin ƙarshe, muka koyar da darasi 24 tare da abokan aiki biyu. Cikin 60 da suka yi rajista, 39 sun kammala. Daga cikinsu 31 sun zauna jarrabawar ƙarshe, 22 suka ci lissafi, a makarantar da kashi 40 cikin ɗari suka ci a shekarar da ta gabata. Tun da masu himma ne suka fi jurewa, ba na jingina dukan bambancin ga darussanmu. Abin da ya fi damuna shi ne 21 da suka daina zuwa, kuma shi ne abin da nake son fahimta a karatun da nake nema." Ki lura jimlar da ta amsa iyakar hujja guda ɗaya ce tak. Kada ki wuce haka, maƙala ba wurin neman gafara ba ce. Jimla ɗaya tana nuna kin san auna aiki, uku kuwa sai su sa a ɗauka ba ki yarda da aikin naki ba.

Ba sai kin ɓoye waɗannan 21 ba. Idan kin san dalilin barinsu, kuma kin yi wani abu a kai, can ne ainihin labarin jagorancin yake, ya fi adadin waɗanda suka ci nuna halinki. Haka ma takwas da suka kammala amma ba su zauna jarrabawa ba: ki nemi sanin dalili, domin tambaya ce da za ta iya tasowa.

Abu na ƙarshe, adadi ɗaya ya zama ɗaya a ko'ina. Abin da ke cikin maƙala shi ne zai kasance a takardar tarihin aiki, shi ne kuma wanda zai rubuta miki wasiƙar shaida ya sani. Ki tura masa alƙaluman kafin ya rubuta, don kada ke ki ce 60 shi ya ce "fiye da ɗari" da niyyar taimaka miki. Ki ɗauki hoton takardar halarta, ki nemi makaranta ta ba ki taƙaitaccen sakamakon a rubuce ba tare da sunayen yaran ba, ki ajiye su wuri ɗaya. Kafin ganawa ki gwada kanki da kowane adadi: daga ina ya fito, cikin nawa ne, a wane lokaci. Wanda kika kasa amsa masa waɗannan ukun cikin daƙiƙa kaɗan, ki cire shi daga maƙalar kafin ki tura.