Me Ya Sa Kwatanci Ba Ya Warware Jerin sin(n)/n?

Tambaya: "Malam, na san sin n ba ya wuce 1, don haka na kwatanta jerin sin(n)/n da jerin 1/n. Tun da jimlar 1/n ba ta da iyaka, sai na yanke cewa nawa ma haka yake, amma aka ce na yi kuskure. Ina kuskuren?"

Amsa: Kuskuren iri biyu ne. Na farko, idan ka nuna cewa abu bai kai wani abu marar iyaka girma ba, ba ka nuna komai ba, domin ƙaramin yana iya tsayawa yana kuma iya zarcewa. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne gwajin kwatanci an gina shi ne domin jerin da duk gaɓoɓinsa ba su gaza sifiri ba, alhali sin n yana hawa yana sauka. Kwatanci yana aiki a kan sin(n)/n² ne kawai saboda girman kowace gaɓa bai wuce 1/n² ba, kuma jimlar 1/n² tana da iyaka.

Mu duba alamomin, muna auna n da radiyan. Daga n = 1 zuwa 3 ƙimomin su ne 0.841 da 0.909 da 0.141, sannan daga 4 zuwa 6 su koma −0.757 da −0.959 da −0.279. Galibi uku-uku suke zuwa, amma daga 22 zuwa 25 huɗu ne a jere ƙasa da sifiri, kuma tsarin ba zai taɓa maimaita kansa daidai ba, domin π ba lamba ce da za a rubuta a matsayin rabon cikakkun lambobi biyu ba. Saboda haka gwajin Leibniz ma, wanda ke buƙatar alama ta sauya a kowace gaɓa, bai dace da nan ba.

Abin da ke ceton jerin shi ne sokewar da gaɓoɓin ke yi wa juna, kuma ana iya auna ta. Idan aka ninka kowane sin k da 2 sin(1/2), ana samun cos(k − 1/2) − cos(k + 1/2), kuma wajen tarawa na tsakiya duk suna cinye juna, sai a rage da wannan:

sin 1 + sin 2 + … + sin N = [cos(1/2) − cos(N + 1/2)] / [2 sin(1/2)]

Ma'anarsa ita ce komai girman N, ko da miliyan ne, wannan jimla tana kai da komo ne tsakanin kusan −0.13 da 1.96. Nan ne gwajin Dirichlet ya shigo. Sharuɗɗansa biyu ne: jimlolin ɓangare ɗaya su kasance a killace kamar yadda muka gani, ɗaya ɓangaren kuma, wato 1/n, ya riƙa raguwa ba tare da ya sake hawa ba har ya doshi sifiri. Hujjarsa ta dogara da dabarar Abel ta sake tsara jimla, inda kowace killatacciyar jimla ake ninka ta da 1/n − 1/(n+1), kuma waɗannan bambance-bambance idan aka tara su duka 1 suke bayarwa. A wannan sabon tsari kwatanci ya halatta. Jerin yana tsayawa, kuma ta hanyar jerin Fourier an san ƙimarsa ita ce (π − 1)/2, kusan 1.0708.

Akwai abin da nake so ɗalibi ya riƙe da kyau: tsayuwar ta sharaɗi ce. Idan aka cire alamomin aka ɗauki |sin n|/n, jimlar ba ta da iyaka. Dalili kuwa |sin n| bai gaza sin² n ba, wanda yake daidai da (1 − cos 2n)/2. Jimlar cos(2n)/(2n) tana tsayawa ta gwajin Dirichlet, jimlar 1/(2n) kuma tana zarcewa, don haka bambancinsu ma zarcewa yake yi. Wannan ne ya tabbatar da cewa babu wani kwatanci kai tsaye da zai taɓa yin nasara a kan jerinka, komai ƙwarewar mai nemansa.

Lamarin yana ƙara tsanani idan sin n ya koma ƙasan layin rabawa. A jerin 1/(n³ sin² n), wanda ake kira jerin Flint Hills, duk gaɓoɓin suna sama da sifiri kuma galibinsu ƙanana ne ƙwarai, amma da yake 355/113 yana kusa da π sosai, sin 355 kusan −0.00003 ne, sai gaɓa ta 355 ita kaɗai ta kai kusan 24.6. Tsayuwar wannan jeri ta rataya ne a kan yadda rabon cikakkun lambobi ke iya kusantar π, kuma har yanzu masana lissafi ba su warware ta ba.