Likita ya amsa: Naman gwangwani, alayyafo da ruwan rijiya

Tambaya: Likita, yarona ɗan shekara shida ba ya karyawa sai da soseji. An ce mini akwai sinadarin da ke sa ciwon daji a ciki. Gaskiya ne? — Wata uwa daga Kaduna

Hajiya, ɗauko ledar ki juya bayanta. Idan kin ga E250 ko E249, naitirait ne. E251 da E252 kuma naitiret ne. Masu sarrafa nama suna zuba su don hana ƙwayar cutar botulizim girma, wadda gubarta ke shanye jiki har ta tsayar da numfashi, kuma su ne ke sa naman ya zauna jajaja bayan ya dahu. Naman da kika dafa da kanki ai toka-toka yake komawa.

Matsalar tana zuwa ne idan naitirait ya haɗu da wasu ɓurɓushin furotin na nama da ake kira amin. Haɗuwarsu kan haifar da naitirosamin, wanda aka tabbatar da yawa daga cikin danginsa suna sa ciwon daji a jikin dabbobin gwaji. Wuta mai ƙarfi tana hanzarta wannan haɗuwa, kamar suyar da ake yi har gefen naman ya yi baƙi. Tsamin cikin mutum ma yana taimaka mata, haka nan ƙarfen da ke sa jan nama ya yi ja.

A shekarar 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na babban hanji. Ta ce cin giram 50 kullum, kusan soseji ɗaya ke nan, yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. A fahimci lissafin da kyau: idan a wani gari mutum 5 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwa, a cikin masu ci kullum za su zama kamar 6. Ƙarin ba mai yawa ba ne ga mutum ɗaya, amma ɗanki da sauran shekaru masu yawa a gabansa, kuma abin da aka saba da shi a shekara shida da wuya a bar shi.

Mu yi lissafin ɗanki. Ma'aunin da masana suka yarda da shi na naitirait shi ne miligiram 0.07 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Idan nauyinsa kilo 20 ne, rabonsa miligiram 1.4. A ce sosejin ya rage da miligiram 30 a kowane kilo bayan sarrafawa, to guda ɗaya mai giram 50 yana ɗauke da miligiram 1.5. Kin ga tun kafin ya sa takalmin makaranta ya cinye rabonsa na yini. Wuce ma'aunin rana ɗaya ba ya cutarwa, domin an yi shi ne don abin da ake ci kullum shekara da shekaru, kuma kullum ɗin ce damuwata da ɗanki.

Ki mayar da shi abin marmari, sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka. Ranar da za a ci, a tafasa ko a ɗumama a wuta kaɗan, kada a soya ya ƙone, a haɗa masa da lemo ko tumatir ɗanye. Sauran ranaku ƙwai, ƙosai da alale sun ishe shi.

Tambaya: Na karanta cewa alayyafo da salak sun fi naman gwangwani yawan naitiret. To me ya sa ba a hana su ba? — Wani manomin rani daga Kura

Malam, abin da ka karanta daidai ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari na naitiret ɗin da mutum ke ci daga ganye yake zuwa, kuma kai ka fi ni sanin cewa lambun da aka cika wa takin zamani ganyensa ya fi tara shi. Idan mun ci, wani kaso yana dawowa cikin yawu, ƙwayoyin da ke zaune a bayan harshe su mayar da shi naitirait, mu haɗiye. Sinadarin iri ɗaya ne da na soseji.

Bambancin yana wajen abokan tafiya. Ganye yana zuwa da bitamin C da wasu sinadaran tsiro masu riga amin kama naitirait ɗin, su juya shi zuwa wata iska da ke buɗe hanyoyin jini, har hawan jini ya ɗan sauka. Shi kuwa nama da furotin da ƙarfe yake zuwa, sannan a ɗora shi a kasko. Masu sarrafa nama sun san wannan, shi ya sa a Amurka doka ta tilasta zuba bitamin C ko ɗan'uwansa a wasu nau'ikan naman da ake soyawa. Masu cin ganye da yawa ciwon dajin hanji ya fi ƙaranci a cikinsu, don haka kada ka rage ko ganye ɗaya.

Wuri guda nake jan kunne: miyar alayyafo da ta kwana a tukunya cikin zafi. Ƙwayoyin cuta suna mayar da naitiret ɗinta naitirait tun kafin a ci. Babba zai jure, amma kada a ba jariri.

Tambaya: Kilishi fa? Kuma kanwa ba ita ce sinadarin ba?

Kanwa daban take, ba naitiret ba ce. Kilishin gargajiya da labu da yaji da gishiri da rana ake yin sa, ba a zuba masa naitirait. Sai dai jan nama ne mai gishiri da ya sha wuta, saboda haka a ci don marmari. Wanda aka ƙulla a leda a kanti, a karanta bayansa.

Tambaya: Nonona bai isa ba, ina haɗa wa jaririyata 'yar wata biyu madarar gwangwani da ruwan rijiyar gidanmu. Ina tafasawa sosai. Ya isa? — Wata mai jego daga Maraɗi

'Yar'uwa, tambayarki ta fi sauran tayar mini da hankali, domin wannan haɗarin na yau ne. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire naitiret. Ruwan ne ke tashi tururi, sinadarin ya ƙara kauri a abin da ya rage. Rijiyar da ke kusa da masai, ko turken dabbobi, ko gonar da ake zuba wa taki, tana iya tara shi, ruwan kuma garau, ba wari ba ɗanɗano. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 50 a lita.

Jariri ƙasa da wata shida, musamman 'yan watanni ukun farko, jikinsa bai ƙware wajen kare kansa ba. Naitiret ɗin ruwan yana komawa naitirait a cikinsa, ya shiga jininsa ya lalata sinadarin da ke ɗaukar iska, sai jinin ya koma ruwan ƙasa kamar cakulan. Ki buɗe bakinta a hasken rana ki duba leɓe da dasashi da harshe, sannan faratan hannu. Idan sun yi shuɗi ko toka-toka, tana numfashi da sauri, ta yi laƙwas ta ƙi tsotso, ki ɗauke ta zuwa asibiti a lokacin, ki gaya wa likita da ruwan da kike haɗa madara. Akwai allurar da ke warware shi cikin ɗan lokaci idan an gane da wuri. Gudawa tana ƙara tsananta shi.

Ki auna da ƙafa nisan rijiyar da masai. Idan bai kai taku talatin ba, ki daina ba ta ruwan tun yau, ki koma ruwan famfo da aka tace ko na gora mai rajista, shi ma ki tafasa. A kai ruwan rijiyar wurin hukumar ruwa a gwada, an fi so bayan damina ta sauka. Ki kuma je wurin ungozoma a duba yadda take kama nono, ki yawaita sa ta dare da rana, domin ko uwa ta sha ruwan rijiyar, naitiret kaɗan ne ƙwarai ke wucewa cikin nononta.