Manhaja ta ce yaron shagona ya ɗauki kuɗi, ni kuma ban gani ba

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon kati da cajin waya a Daura. Dubu ashirin ta ɓace a durowa, sai na tura bidiyon kyamarar shagon na minti huɗu ga manhajar ƙirƙirarriyar basira. Ta ce yarona ya buɗe durowa ya sa kuɗi a aljihu. Na kalla sau uku ban ga haka ba. Ni ne ban iya kallo ba, ko ita ce ta yi kuskure?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai ina roƙonka don Allah kada ka yi wa yaron nan magana tukuna, kada kuma ka nuna wa kowa abin da manhajar ta rubuta. Sana'ata ɗaukar bidiyo da haɗa kyamarorin tsaro a nan cikin Katsina, kuma na sha karo da irin wannan.

Manhajar ba ta kallon bidiyo yadda ni da kai muke kallo. Bidiyo hotuna ne a jere, waya takan ɗauki 30 a kowane sakan. Manhajar ba ta duba su duka, tsinta take yi. Manhajar Gemini ta kamfanin Google, alal misali, in ba a canza mata tsari ba, hoto ɗaya take ɗauka a kowane sakan, kuma Google da kansu sun rubuta cewa abin da ya faru da sauri yana iya kuɓuce mata. Wasu manhajojin ma adadi ƙayyadadde suke tsinta, kamar 16 ko 32, su baza su daga farkon bidiyo zuwa ƙarshensa. In irin wannan ce ta karɓi naka na minti huɗu, wato sakan 240, da hoto 32, to tsakanin hoto da hoto akwai sakan bakwai da rabi da ba ta san me ya faru ba. Cikin sakan bakwai mutum yana iya shiga shago, ya ɗauki abu, ya fita.

Wannan giɓin shi ke haifar da kuskuren iri biyu. Abin da ya faɗa cikinsa ba ta gani ba, sai ta tsallake. Kuma da yake an horar da ita ta ba da labari mai tsari, ba ta cika barin wurin fanko ba, sai ta cike shi da abin da aka saba gani. Hoto ɗaya yaro na tsaye kusa da durowa, na gaba hannunsa na kusa da aljihu, sai ta ɗinke tsakiyar da kanta. In kuma a tambayarka ka ambaci cewa kuɗi sun ɓace, ka riga ka ba ta zaren ɗinkin.

A wurina a hawan Sallah abin ya bayyana. Na ɗauki jafi na sakan 40, hotuna 1,200 ke nan. A tsakiya wani doki ya yi tuntuɓe, mahayin ya kwanta kan wuyansa ya miƙe, duka bai kai rabin sakan ba. Na ba manhaja ta bayyana mini. Ba ta ambaci tuntuɓen ba ko kaɗan. Amma ta rubuta cewa ga masu algaita a gefe suna busa. Na bi bidiyon hoto bayan hoto, babu mai algaita ko ɗaya a cikinsa. Sautin algaitar dai ya shiga, daga bayana yake zuwa, ita kuma ta ji sauti, ta ga dawakai da rawuna, sai ta kawo masu busar cikin hoton. Tuntuɓen kuwa lissafinsa a fili yake: hoto 40 ta gani cikin 1,200, kuma abin da bai wuce rabin sakan ba yana iya faɗawa tsakanin hoto biyu kamar yadda yake iya dacewa da ɗaya. Da na yanke sakan biyar ɗin wurin na rage masa gudu na sake turawa, nan take ta gan shi. Abin da ya dame ni shi ne murya ɗaya ta yi amfani da ita wajen faɗin gaskiyar da ƙaryar, babu alamar shakka a ko ɗaya.

Yanzu ga naka. Fara da samo ainihin fayil ɗin daga na'urar da ke ajiye bidiyon, a kwafo shi a filas. Da yawa mutane allon talabijin suke ɗauka da waya, su tura ta WhatsApp, wanda ke matse bidiyo har takardar kuɗi da takardar rasit su zama farin tabo iri ɗaya. In dole ta WhatsApp ne, a tura shi ta Document. Ka kuma sani yawancin kyamarorin shaguna da nake tararwa an saita su ƙasa da hoto 30 a sakan don kada ma'ajiya ta cika da wuri, saboda haka hannu mai sauri yakan fito a dishe tun daga asali.

Sai ka koma ga manhajar ka ce ta faɗi minti da sakan ɗin da aka buɗe durowar. Lokacin da za ta ba ka ba hujja ba ne, shi ma tana iya kuskure shi, amma ya nuna maka inda za ka duba. A ce ta ce minti 2 da sakan 14. Buɗe bidiyon a manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta, tsayar da shi a 2:10, ka riƙa danna harafin E. Kowane dannawa hoto ɗaya yake matsawa. Abu uku za ka nema da idonka: durowar a buɗe, hannu a cikinta, da wani abu a hannun lokacin fitowa. In ɗaya ya ɓace a ciki, maganar ɗaukar kuɗi ba ta tabbata ba. In akwai mai manhajar sarrafa bidiyo ta ffmpeg kusa da kai, wannan umarnin zai fitar da hoto goma a kowane sakan, tamanin ke nan cikin sakan takwas, ku baje su ku duba:

```
ffmpeg -ss 00:02:10 -i shago.mp4 -t 8 -vf fps=10 hoto_%03d.jpg
```

In kana son gwada ita manhajar, buɗe sabuwar hira, kada ka ambaci kuɗi ko sata. Ka ce kawai ta faɗi abin da hannun mutumin ke yi sakan bayan sakan, inda ba a gani sosai kuma ta ce ba a gani. Akwai wata dabara da nake yi: in yanke rabin sakan daga farkon bidiyon in sake turawa. Hakan yakan sa ta tsinci wasu hotunan dabam. In labarin ya sauya, yau aljihun dama gobe na hagu, ko kuɗin su koma waya, ka san ƙirƙira ce. Amma in ta maimaita magana ɗaya, wannan bai zama shaida ba, domin kuskure ɗaya yana iya maimaituwa.

Akwai ɗaya ɓangaren da bai kamata a manta ba. Kamar yadda take iya ɗora wa yaronka abin da bai yi ba, haka take iya tsallake wanda ya yi. Mai sayen kati da ya miƙa hannu ta kan kantar shagon lokacin da yaron ya juya ɗauko caja, sakan ɗaya ya ishe shi. Don haka kada ka tsaya a minti huɗun nan kawai. Nemo lokacin ƙarshe da kai da kanka ka ga kuɗin a durowa, da lokacin da ka tarar babu, ka kalli duk abin da ke tsakani a rabin gudu, kana lura da duk wanda ya matso kusa da kantar. In kyamarar a bayan yaron take, jikinsa na kare durowar, to bidiyon nan ba zai raba gardama ba ko wa ya kalle shi, sai dai a matsar da ita gefe ta riƙa kallon durowar daga sama.