Incognito ba ya ɓoye ka daga injin bincike

"Maigida, idan na buɗe Incognito na yi bincike a Google, shi ke nan babu wanda ya san abin da na nema?"

A'a, a cikin wayarka kaɗai ka share sawu. Idan ka rufe tagar, burauza tana goge tarihi da kukis na wannan zaman, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka don su gane ka, amma abin da ya riga ya isa na'urorin kamfanin yana can.

Duk binciken da ka yi, ana ajiye kalmomin da ka rubuta, da rana da lokaci, da adireshin IP ɗinka, da irin burauza da na'urarka, da lambar kuki, da sakamakon da ka latsa. Adireshin IP yana nuna kamfanin da ke ba ka intanet da kusan yankin da kake. A tagar da ba Incognito ba, lambar kuki ita ke haɗa binciken jiya da na yau. In kuwa ka shiga asusunka, ko da a cikin Incognito ne, to da sunanka ake rubutawa.

Kada ka raina kalmomin su kansu. A 2006 kamfanin AOL ya saki bincike kusan miliyan 20 na mutane kimanin 650,000, ya cire sunaye ya sa lambobi. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano matar da ke da lamba 4417749. Ta yi ta neman masu aiki a garinsu da mutane masu sunan danginta, sai guntayen suka haɗu suka nuna ta. Shi ya sa nake hana ka rubuta cikakken sunanka ko lambar wayarka a zama ɗaya da binciken ciwo ko bashi.

Fara da asusu. Shiga myactivity.google.com, ka kashe Web & App Activity, ko ka sa ya riƙa goge kansa bayan wata 3; akwai kuma zaɓin 18 da 36. Sannan ka ware burauza guda ta bincike kawai, wadda ba ka taɓa shiga asusu da ita ba. A cikinta ka kashe shawarwarin da ke fitowa yayin da kake rubutu, domin haruffan suna tafiya tun kafin ka latsa Enter, har da abin da ka fasa nema ka goge. Ka mayar da injinta DuckDuckGo ko Startpage, waɗanda manufarsu ta ce ba sa ajiye tarihin mutum. Amma ka sani, alkawarinsu ka riƙe, ba ka da hanyar leƙa na'urorinsu.

VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta na'urar wani kamfani, adireshin IP kaɗai yake canzawa a wajen injin bincike. Inda yara ke kuskure shi ne su kunna shi alhali suna cikin asusunsu, ko tsohon kuki yana nan. Don ka gwada, yi bincike ka gangara ƙasan shafin Google. Idan garinka na ainihi ya fito, duba ko ka ba burauza izinin sanin wurin da kake, ko kuma asusun ne bai fita ba. Don bincike mai nauyi yi amfani da Tor Browser, burauzar da ke bi da kai ta na'urori da dama don ɓoye adireshinka, ka haƙura da jinkirinsa da yawan tambayar CAPTCHA, wato gwajin tabbatar da cewa kai mutum ne.